Larabci ko Turanci: Wanne Ya Fi Ɗaukar Ma'anar da Kake So Ta Zama Sunan Ɗanka?

A da, idan haihuwa ta zo da labari, Bahaushe ba ya zuwa aron harshen kowa. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko ne, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda 'yan uwansa suka yi ta rasuwa kafin shi a kira shi Ajuji, wanda aka daɗe ana nema kuma Kyauta. Yanzu iyaye da yawa suna da irin wannan labarin a zuci, amma suna so ya fito da wata kama, sunan da ba a cika ji a unguwa ba. Sai su zaɓi ma'ana tukuna, sannan su nemi yadda za a faɗe ta da Larabci ko da Turanci. Hanyoyin biyu ba iri ɗaya suke aiki ba, kuma inda kowacce take kayar da mutum daban ne.

A ɗauka miji da mata ne suka shekara tara ba haihuwa, an sha asibiti an sha saiwoyi, sannan Allah ya ba su 'ya mace. Abin da ke bakinsu shi ne "sauƙi bayan wuya", kuma shi suke so ya zama sunanta kafin ranar suna ta zo.

Aikin farko, kafin a taɓa kowane ƙamus, shi ne rage maganar. "Sauƙi bayan wuya" jimla ce, suna kuwa kalma ɗaya yake so, biyu idan an matsa. Dole iyayen su zauna su tantance wane ɓangare ne ya fi tsaya musu a rai. Sauƙin ne kansa? Yayewar ƙuncin ce? Ko kuwa lallashin zuciya bayan an sha kuka? Waɗannan abubuwa uku ne daban, kuma kowanne yana kai mutum ga wata kalma daban a harsunan biyu. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne yake ƙarewa da sunan da ya yi kusa da nufinsa amma bai same shi ba.

Larabci yana gina kalmominsa ne a kan saiwa, galibi baƙaƙe uku, sannan a zuba saiwar a ma'aunai daban-daban a fitar da kalmomi masu dangantaka. Saiwar sauƙi ita ce ya, sin, ra. Daga cikinta ake samun Yusr, wato sauƙi, da Yusra, da Yasir, da Taisir mai nufin sauƙaƙawa, da Muyassar, wanda aka sauƙaƙa wa, da Maisara, wato yalwa bayan ƙunci. Ma'ana ɗaya ta ba ka sunaye shida, wasu na maza wasu na mata, kuma wannan shi ne babban abin da Larabci ya fi Turanci da shi. Yusra ta zo a Suratul Laili aya ta 7 da Suratul A'ala aya ta 8. Maisara ta zo a Baƙara aya ta 280, inda aka ce a jinkirta wa wanda bashi ya yi wa nauyi har ya samu yalwa.

Sai dai saiwa kamar babban gida ce, a ciki akwai malami akwai ɗan caca. A nan ma maganar caca ba wasa ba ce: Maisir, kalmar da Alƙur'ani ya kira caca da ita a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90, daga wannan saiwar ta fito. Tsakanin Maisara da Maisir wasula ne kawai. Uban da ya ji kalmar ta yi masa daɗi a kunne, ya ga kuma tana cikin Alƙur'ani, yana iya raɗa wa ɗansa caca da hannunsa. Kasancewar kalma a cikin Littafi ba ya mayar da ita sunan kirki, domin Alƙur'ani ya ambaci wuta da sunayenta, ya ambaci munafukai da siffofinsu. Yusra kanta tana da ma'ana ta biyu, ita ce hagu, kamar yadda Balarabe yake kiran hannun hagu. Wannan bai ɓata sunan ba, Larabawa suna sa shi, amma gara uba ya sani tun yanzu, kada wani ɗalibin Islamiyya ya zo ya gaya masa bayan an ci ragon.

Wasali ɗaya yana juya wanda ya yi aiki ya koma wanda aka yi wa. Muyassir shi ne mai sauƙaƙawa, Muyassar kuma wanda aka sauƙaƙa masa. Na biyun shi ne nufin iyayen da ke cikin misalinmu, domin addu'arsu ita ce Allah ya sauƙaƙa wa yarinyar al'amuranta, don haka Muyassara ce tasu. Haka Yasir: idan an ja wasalin farko, sunan mahaifin Ammar ne, Sahabi ɗan Sahabi. Idan aka ja na biyun, kalmar ta koma abu mai sauƙi ko ɗan kaɗan, wanda bai taka kara ya karya ba. A rubutun boko duka biyun Yasir ake rubutawa, sai a rubutun Larabci bambancin yake fitowa. Shi ya sa duk sunan da aka zaɓa, a sa wanda ya yi karatu ya rubuta shi da baƙaƙensa da wasulansa a gani da ido.

Akwai kuma maganar namiji da mace. Mutane sun ɗauka duk sunan Larabci da ya ƙare da "a" na mace ne, alhali Hamza da Usama da Ɗalha da Huzaifa duk maza ne. Maisara ma sunan hadimin Nana Khadija ne, wanda ya raka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fatauci Sham. Ƙarin "a" yana mayar da siffa ta mace, kamar Muyassar zuwa Muyassara, amma ba ya aiki a kan kowace kalma. Taisir haka yake zama, Larabawa suna sa wa namiji suna sa wa mace, kuma wanda ya ƙirƙiro "Taisira" don ya yi kama da na mata ya fita daga abin da aka saba ji a bakinsu.

Idan iyayen suka ce yayewar ƙunci ce ta fi tsaya musu a rai, ƙamus zai miƙo musu Faraj. Babu kalmar da ta fi ta dacewa da ma'anar, kuma sanannen sunan maza ne a Masar da Libiya. Amma baƙaƙenta, fa da ra da jim, su ne dai baƙaƙen kalmar da Hausa ta ara tun tuni don al'aurar mace. Balarabe yana jin bambancin wasalin sarai, kunnen Bahaushe kuwa, wanda zai ƙara "i" a ƙarshe, ba zai ga wata tazara ba, kuma yaran firamare ba su da tausayi. Sunan ya yi daidai a Larabci, ya faɗi a Kano. Idan kuma lallashin zuciya suke nufi, akwai Salwa, suna mai daɗi da Larabawa suka daɗe suna sa wa mata. Ita ce kuma kalmar tsuntsun da aka saukar wa Bani Isra'ila tare da mannu. A Hausa tana maƙwabtaka da "salwanta", abin da wasu ba za su damu da shi ba, amma kakar da ta shekara tara tana jiran jika ba lallai ta so jin wannan amon a gidanta ba.

Saura saiwar sin, ha, lam, wadda ita ma sauƙi take nufi, ta kuma ba da Sahl da Sahla da Suhail da Suhaila. Wannan tana da gindin zama mai ƙarfi. Bukhari ya ruwaito cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib ya zo wurin Annabi, sunansa Hazn, wato tsauri, sai Annabi ya ce masa kai Sahl ne. Mutumin ya ƙi sauya sunan da ubansa ya sa masa, jikan kuma ya ce tsaurin bai gushe a cikinsu ba. Sahla 'yar Suhail Sahabiya ce sananniya. A nan ma gidan bai rasa baragurbi ba, domin kalmar gudawa a Larabci daga wannan saiwar take, saboda haka ba wurin da mutum zai zauna yana ƙera sabon ma'auni da kansa ba ne.

Wani abu da Musulmi zai so ya sani kafin ya yanke: Muslim ya ruwaito daga Samura ɗan Jundub hani ga sa wa yaro Yasar ko Rabah ko Najih ko Aflah, da dalilin cewa za ka tambaya ko yana nan, a ce maka ba ya nan, sai ya zama kamar an kore alherin da baki. Yasar ɗan gidan saiwarmu ne ta farko. Imam Nawawi ya ɗauki hanin a matsayin karhanci ba haramci ba, ya kuma ce yana shafar sunayen da suka yi kama da waɗannan a ma'ana. Wannan tambaya ce da za a kai wa malamin da zai yi huɗubar, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin Sahla ta fi Yusra kwanciyar hankali ga mai tsantseni.

Bakin Bahaushe ma yana da nasa aikin da yake yi wa Larabci. Lodi yana komawa "l", shi ya sa Murtada ya zama Murtala, Fadlu ya zama Falalu, Ridwan ya zama Rilwanu. Sin da sodi da ca duk "s" ne a wurinmu, ain kuma yakan ɓace. Ta haka ne Asim mai ain da sodi, wato mai karewa, yake haɗuwa da Asim mai alif da ca, wato mai zunubi. Asiya matar Fir'auna tana haɗuwa da Asiya mai nufin mai saɓo, sunan da Annabi ya sauya wa wata 'yar Umar ya mayar da ita Jamila. Mai son sa wa 'yarsa suna da kalmar zuciya, wato ƙalb, ya tuna cewa idan ƙaf ya koma kaf lasan, zuciyar ta zama kalb, wato kare, kuma a takardun hukuma "k" ɗaya za a buga. Sa'ar iyayen misalinmu ita ce ya da sin da ra duk baƙaƙe ne da harshenmu yake furtawa yadda suke.

Turanci kuwa ba shi da wannan injin na saiwa da ma'auni. Kalmar da ke cikin ƙamus ita za ka ɗauka ɗungurungum ka ɗora wa yaro. Al'adar ta yi ƙarfi a Ingila a ƙarni na 16 da na 17 a wurin Kiristoci masu tsananin riƙo da addini, waɗanda suka yawaita sa Faith da Hope da Grace da Mercy da Patience. Har jimla sukan sa: majalisar dokokin Ingila ta 1653 ta samu laƙabinta daga wani ɗan majalisa mai suna Praise-God Barebone. A kudancin Najeriya abin ya sake rayuwa, kuma yawancinsa fassara ce daga harsunan gida. Abin da Ibo yake cewa Kelechi shi ne Thankgod, Uchechukwu shi ne Godswill, Onyinye kuma Gift. Shugaban ƙasa daga 2010 zuwa 2015 Goodluck ne, matarsa Patience, shugaban majalisar dattawa da aka zaɓa a 2023 kuma Godswill. Don haka a Najeriya babu wanda zai yi mamakin suna irin wannan.

Amfaninsa a fili yake. Duk wanda ya yi makarantar boko ya san ma'anar sunan da jin sa, ba sai an nemi malami ba, kuma da wuya wata mummunar kalma ta ɓuya a bayan wasali ɗaya. Rubutunsa guda ne, Grace dai Grace ce a kowace takarda. Yana kuma karɓar kalma biyu a haɗe ba tare da ka'idojin nahawu sun tare hanya ba.

To a gwada shi da ma'anarmu. Sauƙi kai tsaye shi ne Ease, wanda babu mai sa shi, kuma a baki gajeren amo ne da ba ya kiruwa daga zaure. Easy ya fi muni, domin idan Bature ya siffanta mace da wannan kalma, yana nufin ba ta da kamun kai. Relief ya dace da yayewar ƙunci, amma a kunnen ɗan Najeriya kayan agajin ambaliya yake tunowa, ko abin da aka rubuta a kwalin maganin ciwon kai. Respite hutu ne na ɗan lokaci kafin wahalar ta dawo, wanda ba addu'ar da uwa za ta yi ba ce. Abin da ya rage mai kyau biyu ne: Comfort, wanda ya daɗe a Najeriya da Gana har ya zama sunan iyaye da kakanni, da Solace, wanda yake daidai da Salwa a ma'ana kuma bai yawaita ba. Daga shida ko bakwai da Larabci ya bayar, an dawo biyu, ɗaya daga ciki kuma ba sabo ba ne.

Nan ne matsalar sabunta suna da Turanci take. Kalmomin da suka riga suka zama sunaye 'yan kaɗan ne, kuma an cika su. Da zarar ka fita daga cikinsu don neman sabo, abin da ka ɗauko kalma ce tsirara da kowa yake amfani da ita a kasuwa da ofis, ba ta da wani mutum da ya taɓa ɗaukarta balle ya rufa mata asiri. Sahla ma a Larabcin yau da kullum "mai sauƙi" take nufi, kusan daidai da Easy, amma ƙarni goma sha huɗu na mata masu wannan suna sun sa kunne yana jin mutum kafin ya ji siffa. Sannan Turancin Najeriya da na Ingila ba su yarda da jeri ɗaya ba. Blessing da Precious da Favour a nan maza da mata duk suna ɗauka, a can kuwa ana jinsu wani iri, musamman a kan namiji. Yaron da aka sa wa Gift idan karatu ya kai shi Jamus zai tarar kalmar guba take nufi a harshensu.

Harshenmu kuma ya fi wahalar da Turanci fiye da Larabci, saboda ba mu shekara ɗaruruwa muna tausasa shi ba. Ba mu raba "p" da "f", ba mu da "v", ba mu da "th", ba ma son baƙaƙe biyu a jere. Patience takan koma Feshan, Grace ta koma Gires, Faith ta koma Fes. Comfort a bakin kaka Kamfo ce, daga nan zuwa kamfai kuwa taki ɗaya ne ga ɗan aji uku mai neman tsokana. Sunan Larabci yana da hanyar shiga gida da aka riga aka share, a ƙara "u" ga namiji a ce Yasiru, a ƙara "atu" ga mace a ce Muyassaratu. Na Turanci haka yake tsayawa a bakin ƙofa da takalminsa.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a ƙasar Hausa shi ne abin da suna yake faɗa game da gidan da mutum ya fito. A Arewa, sunan Turanci irin wannan ana karanta shi a matsayin sunan Kirista, ko an so ko ba a so ba. Ga iyali Kirista a Jos ko Kafanchan ko Gombe wannan ba matsala ba ce, sunan ya faɗi gaskiya, kuma Solace zaɓi ne mai kyau ga misalinmu. Su ma dai suna da hanya ta uku da suka riƙe fiye da Musulmi, wato barin ma'anar a Hausarta: Alheri, Godiya, Murna, Salama, Ƙauna, Bege. Ga iyali Musulmi kuwa, yarinyar da aka yanka wa rago da sunan Comfort za ta ƙare rayuwarta tana bayani, daga makarantar allo har ranar ɗaurin aure, kuma da wuya liman ya karɓi sunan ba tare da ya ɗaga kai ya dubi uban ba. A Nijar ma lissafin ya ƙara karkata, tunda boko can da Faransanci aka gina shi: sunan Turanci ya rasa babban amfaninsa na cewa kowa ya gane shi da ji. Hausawan Sudan da masu zama a Makka da Madina su kuma suna cikin masu jin ma'anar sunan Larabci kai tsaye, don haka kuskure irin na Maisir a can ba ya ɓuya ko kwana ɗaya.

Ni dai a ganina, ga gidan Musulmi Larabci ne ya dace da sunan yanka, da sharaɗin a nemo sunan da aka taɓa sa wa mutum, a bar ƙera kalma. Sabunta ba sai ta zama ƙirƙira ba, ya isa a ce sunan bai yawaita a garinku ba. Yusra yanzu ta cika makarantun Islamiyya, wanda yake neman abin da ba a saba ji ba ya makara da ita. Muyassara ta fi ta sabunta kuma ta fi kama nufin iyayen, sai dai gaɓa huɗu ce, kuma Hausawa ba sa barin dogon suna ya zauna lafiya. Mutanen da suka mayar da Khadija Dije, Maryam Mairo, Abdullahi Audu, za su gutsure wannan ma. Gara uwa ta riga kowa ta zaɓi guntun da take so, ko Yassara ko Sara, ta fara kira da shi tun ana jego. Sahla gajeriya ce, ba abin gutsurewa, iyaka a ce Sahala.

Akwai kuma ƙofar da al'ada ta bari a buɗe, wadda take rage rigima da dangi. Sau da yawa yarinyar da aka daɗe ana jira sunan kakarta za ta ci, ko A'isha ko Fatima, uba ba shi da ta cewa. Saboda alkunya ba za a kira sunan ba, dole a nemi laƙabi, kuma ta nan ne su Walida da Amira da Iman suka shigo gidajenmu. Laƙabi ba ya bi ta hannun liman, saboda haka ya fi ɗaukar gwaji, har wanda zuciyarsa ta kwanta da na Turanci a nan zai fi samun wurin sa shi.

Duk wanda aka tsayar, a tsayar da rubutunsa na boko kafin a je karɓar takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. A wannan fannin Larabci ne mai rauni. Suna ɗaya yana fitowa Yusra a takardar haihuwa, Yusrah a firamare, Yusura a katin asibiti, Yousra idan an rubuta shi a Maraɗi ko Damagaram. Ranar da za a haɗa lambar NIN da rajistar JAMB ko BVN, harafi ɗaya ya isa ya tsayar da komai, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Uba ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ya miƙa wa ma'aikacin da hannunsa, ya kuma karanta abin da aka buga kafin ya bar wurin. Idan akwai zaɓi tsakanin rubutu mai ɗauri a sama irin na Na'ima da wanda ba shi da shi, a san cewa layin da na'ura take karantawa a ƙasan fasfo ba ya ɗaukar wannan alama, haka ma ƙ da ɗ da ɓ.